Takardar Tushen Ƙiyasi: Yadda Ta Yi Aiki a Ginin Wata Makaranta a Kano

A watan Nuwamba na 2023 wata Hajiya mai makarantar firamare da Islamiyya a yankin Kumbotso ta yanke shawarar gina bene mai hawa ɗaya a filin da ta saya kusa da makarantar: azuzuwa takwas, huɗu a ƙasa huɗu a sama, da ofis, da banɗakuna, da baranda. Faɗin ginin gaba ɗaya, sama da ƙasa, ya kama murabba'in mita 760. Abin da ke hannunta zanen akitek ne kawai. Injiniyan gini bai fitar da nasa zanen ba, ba a yi gwajin ƙasa ba, babu zanen wayarin ko na famfo. Amma tana son sanin nawa za ta kashe, domin rabin kuɗin daga wurin 'yan'uwanta zai fito, su kuwa ba za su saki ko sisi ba sai sun ga adadi a rubuce.

Ni aka ba aikin ƙiyasin. Adadin da na fitar naira miliyan 181.5 ne, kuma tare da shi na miƙa takarda mai shafi huɗu wadda muke kira takardar tushen ƙiyasi. Ita ce ke faɗin a kan me adadin ya tsaya: wane zane aka auna, farashin wace rana aka ɗauka, me ke ciki, me ba ya ciki, ina aka sa kuɗi bisa zato, kuma me ya sa kuɗin ko-ta-kwana ya zama abin da ya zama. Hujjata a nan ɗaya ce. Duk abin da ba a sani ba a ranar ƙiyasi dole ya faɗa gida ɗaya tak cikin gidaje huɗu: ko an fitar da shi daga lissafi, ko an ware masa kaso na wucin gadi, ko yana cikin ko-ta-kwana, ko yana cikin tanadin tashin farashi. Idan abu ya shiga gida biyu an ƙirga shi sau biyu. Idan bai shiga ko ɗaya ba, shi ne wanda za a yi rigima a kansa bayan wata shida.

Shafin farko: a kan me aka tsaya

Shafin farko gajere ne. Ya lissafa zanen akitek guda biyar da lambobinsu da kwanan watan da ke jikinsu, ya ce duk wani zane da ya zo bayan waɗannan ba ya cikin lissafi. Ya ce farashin ranar 15 ga Nuwamba 2023 aka yi amfani da shi: buhun siminti naira 5,500 a wurin aiki, tan ɗin rodi naira 650,000 bisa farashin da dillalai uku na kasuwar Ƙofar Ruwa suka ba da. Har da cewa dillalan sun ce farashin nasu na mako ɗaya ne, domin wannan ma bayani ne da mai gini ya kamata ta sani. Ya ce ana sa ran fara aiki a Janairu a gama a Satumba.

Aikin da aka iya aunawa daga zanen, wato fandisho, pila da bim da kankaren dakin na bene, bulo da filasta, rufi, ƙofofi da tagogi, silin da fenti, ya tashi miliyan 118, da ribar ɗan kwangila a cikin farashin. Kuɗin tafiyar da wurin aiki, irin su mai gadi, sito, ruwan gini, injin kwaɓa kankare da albashin mai kula da aiki, miliyan 11. Kason wucin gadi miliyan 20. Waɗannan ukun sun ba da miliyan 149, kusan naira 196,000 ke nan kowane murabba'in mita. Sai ko-ta-kwana miliyan 14.5, da tanadin tashin farashi miliyan 18.

A ƙasan shafin akwai layin da masu gini ba sa so: tunda zanen bai cika ba, adadin ƙarshe zai iya sauka da kashi 10 cikin ɗari ko ya hau da kashi 20, wato tsakanin miliyan 163 da miliyan 218. Wan Hajiya, wanda shi ne ke da kaso mafi tsoka, ya ce wannan ba ƙiyasi ba ne, duba ne. Na ce masa, “Alhaji, ku biya injiniya ya gama zanensa, a haƙa ramin gwaji, in dawo muku da tazarar da ba ta kai rabin wannan ba.” Tazarar ba daga alƙalami take fitowa ba, daga abin da ba a yanke ba ne.

Abubuwan da ba sa ciki

Jerin abubuwan da aka fitar ya kai goma sha ɗaya, amma yawancinsu babu mai gardama a kansu: kuɗin fili, kuɗin akitek da injiniya da nawa, kuɗin izinin gini a hukumar tsara birane ta jihar Kano, KNUPDA, kujeru da tebura da allo, ribar bashi idan an ci. Waɗanda ke da haɗari su ne waɗanda mai gini take gani a ranta duk lokacin da ta rufe ido ta hango makarantarta. Katanga da get. Rijiyar burtsatse da tankin sama. Jawo wuta daga layin kamfanin lantarki, da taransifoma idan ta kama. Sola ko janareta. Babu ɗaya daga cikinsu a zanen akitek, kuma babu makarantar da za ta buɗe babu su.

Saboda haka ban tsaya a rubuta sunayensu kawai ba. Gaban kowanne na sa abu biyu: wa zai ɗauki nauyinsa, da kimanin abin da zai ci. Na katanga ya karanta kamar haka:

“Katangar kewaye da get ba sa cikin wannan ƙiyasi. Tsawon iyakar filin kimanin mita 150 ne. Idan za a yi ta da bulo mai inci tara, tsayin mita 2.4, a tanadi kimanin naira miliyan 10 daban. Nauyin mai gini ne, kuma ana buƙatar shawararta kafin a sa hannu a kwangila, domin idan babu katanga kuɗin gadi zai ƙaru.”

Dalilin sa adadi a gaban abin da aka ce ba ya ciki shi ne, kalmar “ba ya ciki” ita kaɗai tana kare mai ƙiyasi ne, ba ta taimaki mai gini da komai ba. Mutum ya karanta ya wuce, yana ɗaukan ƙaramin abu ne. Amma da Hajiya ta ga miliyan 10 nan take ta ɗaga kai ta ce, “Malam, ai na ɗauka katanga tana cikin gini.” Gara ta faɗi haka a Nuwamba, kafin a sari ƙasa, da ta faɗe shi a Agusta.

Harajin VAT ma a nan na sa shi. Tun Fabrairun 2020 kashi 7.5 cikin ɗari ne, kuma ɗan kwangila mai rajista zai ɗora shi a takardar neman biyansa. A kan miliyan 181.5 ya kama kimanin miliyan 13.6. Wasu abokan sana'a suna haɗa shi cikin jimla, wasu suna fitar da shi, duka biyun daidai ne muddin an faɗa. Abin da ba daidai ba shi ne yin shiru a kansa, domin idan aka kwatanta farashin ɗan kwangilar da ya sa haraji da na wanda bai sa ba, mai tsada zai iya fitowa kamar shi ne mai araha.

Kason wucin gadi

Bambancin wannan da na sama shi ne, waɗannan ayyuka tabbas za a yi su a cikin kwangilar, sai dai ba a san girmansu ba tukuna. Guda huɗu ne: wayarin da kayan wuta miliyan 7, famfo da sokawe miliyan 5, sayen tayil miliyan 4.2, magudanar ruwa da kwalbatin bakin get miliyan 3.8.

Kaso irin wannan ba ya da amfani idan ba a faɗi abin da aka zata ba. Idan na rubuta “wuta, miliyan 7” na yi shiru, duk abin da mai wayarin ya kawo daga baya za a ce ai yana cikin miliyan bakwai ɗin. Don haka takardar ta ce kowane aji an ba shi ƙwai shida, fanka huɗu da soket biyu, babu na'urar sanyaya ɗaki ko ɗaya, babu ɗakin kwamfuta. Na tayil kuwa an rubuta shi da farashin murabba'in mita: naira 6,000 sau mita 700. Kuɗin liƙawa yana cikin aikin da aka auna, wannan na sayen tayil ɗin ne kawai. Idan Hajiya ta je kasuwa ta ga mai naira 8,000 ya burge ta, ba sai ta kira ni ba, da kanta za ta san ta ƙara wa kanta miliyan 1.4.

Kowane kaso kuma yana da ranar mutuwarsa. Na wuta da na famfo za su tashi ranar da zanensu ya fito a auna su, a maye gurbinsu da adadi na gaske, kuma takardar ta ce hakan ya faru kafin a zuba dakin. Dalili a fili yake: bututun waya a cikin kankare ake binne shi. Wanda ya bari sai an zuba dakin sannan ya yanke inda fanka za ta rataya, sai dai a sassaƙe kankare, kuma kuɗin sassaƙar ba ya cikin kason kowa.

Yadda aka kai ga miliyan 14.5

Al'adar da aka saba ita ce a ɗora kashi 10 cikin ɗari a ƙasan lissafi a kira shi ko-ta-kwana. Matsalar ba a adadin take ba. Matsalar ita ce babu wanda ya san na mene ne, don haka kowa na ganin nasa ne. Ɗan kwangila na ganin ribarsa ce da ba a faɗa ba, mai gini na ganin kuɗin da za ta ƙara abin da ta manta ne, akitek na ganin da shi zai gyara zanensa. A wannan aiki na gina shi ne daga haɗura masu suna.

Na farko kuma mafi girma, ƙasa. Kusurwar gabas ta filin ta fi sauran duhu, kuma idan ka tona da ƙafa za ka ga gutsattsarin leda da fasassun kwalabe. Wani dattijo da ke zaune a ƙofar gidan da ke kallon filin ya ce a da nan bakin kududdufi ne, inda ake ɗibar ƙasar gini, daga baya aka yi ta zuba shara har ya cike. A Kano wannan ba baƙon labari ba ne, unguwanni da yawa sun hau kan tsofaffin kududdufai. Ciko irin wannan ba ya ɗaukar bene. Ƙiyasina ya ɗauka za a sami ƙasa mai ƙarfi a zurfin mita 1.2. Idan gefen nan ciko ne, sai an zurfafa ramukan pila har a tarar da ƙasar asali, a ƙara tsawon pilolin, a kwashe shara a zuba marmara a daddanne. Na lissafa hakan a miliyan 12. Tunda ban san ko ginin zai hau kan wurin ko zai tsaya a gefensa ba, na ɗauki yiwuwar rabi da rabi, na sa miliyan 6.

Akwai abin da ya kamata a faɗa a kan wannan miliyan 6, kuma takardar ta faɗe shi baro-baro. Ƙasar nan ba za ta taɓa cin miliyan 6 don na rubuta haka ba. Ko dai ba ta ci komai ba, ko ta ci kusa da 12. Raba haɗari da yiwuwarsa yana aiki sosai idan haɗuran suna da yawa kuma ƙanana ne, wani ya faru wani bai faru ba, su daidaita juna. Idan guda ɗaya ya fi sauran girma nesa ba kusa ba, lissafin rabi zai bar ka da giɓi ranar da ya faru. Shi ya sa a ƙarƙashinsa na rubuta cewa idan gwaji ya nuna ciko, za a buƙaci ƙarin miliyan 6 da babu su a ko'ina cikin wannan ƙiyasi, na kuma ba da shawarar a yi gwajin ƙasa kafin sa hannu a kwangila. Kuɗin gwajin bai kai miliyan ɗaya ba.

Na biyu, rodi. Babu zanen injiniya, don haka ba ni da yadda zan ƙirga sanda. Abin da na yi shi ne auna kankaren da zai ɗauki rodi, ya ba ni kubik mita 210, na ɗauka kowane kubik mita zai ci kilo 100, tan 21 ke nan. Amma azuzuwan mita 7 ne a faɗi babu pila a tsakiya, kuma makaranta ce, yara za su cika baranda da matakala lokaci ɗaya. Injiniya mai taka-tsantsan zai iya kai shi kilo 120, ƙarin tan 4.2. Da kuɗin rodin da na lanƙwasawa da ɗauri, kimanin miliyan 3. Wannan ban raba shi biyu ba, na sa shi duka, don a ganina ya fi kusa da faruwa.

Na uku, damina. Bisa jadawalin, a rufe ginin kafin Yuni. Idan aka makara, ruwan Yuli da Agusta zai tarar da filasta a waje, tifa ta kasa shiga layin, leburori da yawa kuma sun koma gona. Na ƙiyasta miliyan 2, na sa rabi.

Na huɗu shi ne wanda ba shi da suna: ƙananan abubuwan da ba a rasa su a kowane gini, linta da aka manta a zane, matakalar da sai an faɗaɗa, ƙofar da ta buɗe ta tare hanya. Kashi 3 cikin ɗari na miliyan 149, wato miliyan 4.5. Wannan kaɗai ne na ɗora da kaso, kuma na faɗi cewa daga gogewa ya fito, ba daga awo ba.

Jimla miliyan 14.5, kashi 9.7 cikin ɗari. Wan Hajiya ya yi dariya ya ce duk wannan wahalar don a dawo kashi goma. Gaskiyarsa ta fuskar adadi. Amma wannan yana da abin da na al'ada ba shi da shi: ana iya sakinsa kashi-kashi. Ranar da aka fito daga fandisho, abin da ya rage na ƙasa ya koma aljihun mai gini. Ranar da zanen injiniya ya fito, na rodi ya rufe. Takardar ta kuma ce kuɗin a hannun Hajiya yake, ba ya cikin adadin kwangila, ba a taɓa shi sai da rubutacciyar amincewarta, kuma ba a biyan sabon abin da ta ƙara daga cikinsa.

Tashin farashi gidansa daban

A nan ne na fi samun saɓani da wasu abokan aiki, masu cewa tashin farashi ma ai haɗari ne, a zuba shi cikin ko-ta-kwana a huta. A ƙarshen 2023 ba haɗari ba ne, abu ne da ake gani yana faruwa. An cire tallafin man fetur a ƙarshen Mayu, an saki naira a Yuni, hauhawar farashi ta hukuma ta haura kashi 27 cikin ɗari a Oktoba. Tambayar ba ko zai tashi ba ce, nawa zai tashi ce.

Lissafin mai sauƙi ne. Daga ranar farashi, tsakiyar Nuwamba, zuwa tsakiyar lokacin aiki, wato Mayu, wata shida ne. Ana ɗaukar tsakiya ne saboda wasu kayan za a saye su da wuri, wasu a makare. Na ɗauki kashi 2 cikin ɗari kowane wata, kashi 12 ke nan a kan miliyan 149, kimanin miliyan 18. Sannan na ba ta ma'aunin da za ta riƙa dubawa da kanta. Aikin zai ci buhun siminti kusan 2,900, ban da wanda ke cikin bulon da za a saya, don haka duk ƙarin naira 500 a buhu miliyan 1.45 ne. Duk ƙarin naira 100,000 a tan ɗin rodi miliyan 2.1 ne. Na kuma rubuta cewa kashi 12 ɗin na tashi ne a hankali, bai ƙunshi faɗuwar naira ta farat ɗaya ba, kuma hanyar rage wannan ita ce sayen rodi tun yanzu. Siminti ba a yi masa haka, don idan ya daɗe a sito yana shan danshi ya dunƙule. Rodi kuwa in an ɗora shi a kan katako an rufe, zai jira.

Abin da ya faru

An yi gwajin ƙasa a Disamba. Dattijon nan ya yi gaskiya: a kusurwar gabas ciko ya kai zurfin mita 2.4, baƙar ƙasa mai wari haɗe da leda da tsumma. Amma saboda an sani tun kafin a ja igiya, akitek ya matsar da ginin mita uku zuwa yamma, pilolin da suka hau cikon suka ragu. Ƙarin aikin ya ci miliyan 9 maimakon 12. Da sai an fara haƙa aka gano, da ba a sami damar matsarwa ba, ga kuma ma'aikata zaune ana biyansu.

Zanen injiniya ya fito da tan 24. Ƙarin tan uku a farashin Nuwamba, da aikin hannu, miliyan 2.3. Hajiya ta sayi tan 15 a Disamba a kan naira 680,000, iyakar kuɗin da ke hannunta ke nan.

Sai Fabrairun 2024. Dala ta haura naira 1,500, buhun siminti ya wuce naira 10,000 a wurare da dama, har gwamnatin tarayya ta zauna da kamfanonin siminti aka sanar da farashin naira 7,000 zuwa 8,000. Rodi ya haura miliyan ɗaya a tan. A lokacin an gama fandisho da jaman fulo, wato daɓen kankaren ƙasa, an ci buhu 600 a tsohon farashi, ana shirin zuba dakin. Dakin ba ya jira, katakon da aka kafa haya ne, kuma rodin da aka ɗaure ba a barinsa watanni a sarari. An sayi buhu 1,100 a kan kimanin naira 9,500, sauran 1,200 daga baya a kan 8,000. Ƙarin siminti kaɗai miliyan 7.4. Ragowar tan tara na rodi an saye su a miliyan 1.2 kowanne, ƙarin rodi gaba ɗaya ya zama miliyan 5.4. Bulo 13,000 kowanne ya ƙaru da naira 250. Kwanon rufi, fenti, waya da ladan ma'aikata suka haɗa wajen miliyan 11. Tashin farashi ya ci miliyan 27, tanadin 18 ne.

A watan Maris ɗan kwangila ya kawo takardar neman ƙarin kuɗi, ya haɗa komai a dunƙule: siminti, rodi, ƙasa, har da soket ashirin na ɗakin kwamfutar da Hajiya ta ce a mayar da aji ɗaya. Ya nemi a biya daga ko-ta-kwana. 'Yan'uwa suka taru a ofishin makarantar, wan Hajiya yana cewa an ce musu 181 ga shi ana maganar 200. Abin da aka yi a zaman nan shi ne ɗaukar takardar ɗan kwangila layi-layi ana tambayar gidan kowanne. Ƙasa: ko-ta-kwana, kuma an faɗa tun farko cewa za ta iya wuce miliyan 6. Ƙarin tan uku: adadinsa na ko-ta-kwana ne, amma bambancin farashinsa na tanadin tashin farashi ne, an raba shi haka. Siminti: tanadin tashin farashi, bisa rasit, a kan buhunan da aka saya bayan tashin kawai, ba duka 2,900 da ya rubuta ba. Wannan gyaran shi kaɗai ya sauke buƙatarsa da sama da miliyan huɗu. Ɗakin kwamfuta kuwa shafi na uku ya ce babu shi a cikin kason wuta.

Hajiya ta ce, “Yaya, wannan nawa ne, ni na ƙara shi, ni zan biya.”

Da a ce an cuɗa tashin farashi da ko-ta-kwana a tukunya ɗaya, da watan Maris bai ƙare ba sai ta ƙone, kuma babu mai iya cewa ƙasa ce ta cinye ta ko siminti. Da aka raba, kowa ya ga cewa ɓangaren gini yana tafiya kusa da yadda aka zata, giɓin daga kasuwa yake. Wannan ya sauya irin shawarar da aka yanke. Maimakon a sallami ɗan kwangila, wanda wasu suka fara kawowa, sai aka nemi inda za a rage: aka fasa tayil a azuzuwan sama aka bar su da daɓen siminti, aka ɗage katanga zuwa hutun ƙarshen shekara, tunda dama ba ta cikin kwangilar.

An gama a Oktoba, an makara da wata ɗaya. Ko-ta-kwana ya ci miliyan 15: ƙasa 9, rodi 2.3, damina 0.6, ƙananan abubuwa 3.1. Kason wucin gadi ya tashi miliyan 21.2 maimakon 20, saboda wuta ta kai 9.4 da ɗakin kwamfuta, tayil ya sauka zuwa 2.6, famfo da magudana suka ɗan motsa sama. Jimlar ƙarshe, ban da haraji, miliyan 192.2, ƙarin miliyan 10.7 a kan ƙiyasi, kusan kashi 6 cikin ɗari. Miliyan 9 daga ciki tashin farashi ne da ya zarce tanadi.

Takardar ba ta hango Fabrairu ba, kuma babu lissafin kashi 2 a wata da zai hango shi. Akwai ma wurin da ta taƙaita: ma'aunin da ta ba Hajiya na siminti da rodi ne kawai, alhali waya, fenti da kwanon rufi, waɗanda farashinsu ke bin dala, tare da ladan ma'aikata, sun ci fiye da abin da siminti ya ci. A aikin da ke da tagogin alminiyam masu yawa ko na'urorin sanyaya ɗaki, sai a ware kayan da ke bin dala a layi guda, a rubuta canjin ranar ƙiyasi a gabansu, a faɗi nawa kowace naira ɗari a kan dala za ta ƙara. Tan 15 ɗin da aka saya a Disamba kuwa, idan aka kwatanta da farashin da aka sayi ragowar, ya tsirar da kimanin miliyan 7.8.